Yadda Kaura Ta Sha Faɗan Kauru

A kamfanin da nake aiki a Kakuri muna raba wa dillalai taki bashi, kuma ni aka ɗora wa bayyana wa manaja ƙaramar hukumar da bashinta ya fi taruwa. Na kwafo jadawalina daga Excel na liƙa shi a shafi guda na PowerPoint: ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, kowacce da lambobi shida, wato lambobi 138 a bango ɗaya. Don su samu wurin zama, na matse girman rubutun zuwa 10, na shafa wa layin Kauru ruwan ɗorawa, na tafi gida ina jin kaina gwani.

Majigi bai san da wannan gwaninta ba. Hasken rana ta taga ya wanke ruwan ɗorawar har ya koma fari, kuma da yake na jera sunayen bisa haruffa, tara daga cikinsu da K suka fara, Kaura tana zaune daidai saman Kauru. Na ce a dubi layi na sha huɗu. Manaja ya ƙirga har da layin kanun jadawali, ya sauka a kan Kaura, ya juya ga wakilinmu na can ya shiga wanke shi tas. Bawan Allah nan, wanda dillalansa suka biya tun kafin damina, yana ta cewa, “Ranka ya daɗe, a sake dubawa,” shi kuwa wakilin Kauru ya sunkuyar da kai yana shan shayinsa cikin natsuwa.

Da daddare na sake gini. Na jera layukan daga bashi mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sai Kauru ta hau sama da kanta, na bar biyar na farko, sauran 18 na haɗe su a layi ɗaya. Daga ginshiƙai shida na bar biyu, abin da aka karɓa da abin da ya rage. Naira 4,812,650 ta koma miliyan 4.8, lambobin kuma na jingine su dama domin ido ya gane babba da ƙarami ba tare da karantawa ba. Wurin da ya samu ya ba ni damar kai rubutun 24. Layuka biyar na mayar da su toka-toka, na Kauru kaɗai ya samu shuɗi mai duhu da farin rubutu mai kauri, domin launi mai duhu ba ya ɓacewa a majigi. Kan shafin, wanda a da yake cewa “Rahoton bashi”, ya koma “Kauru ce ta fi bashi: miliyan 4.8”.

Washegari na kira mai gadinmu, na tsayar da shi a ƙarshen ɗakin taro, na haska shafin na daƙiƙa biyar na kashe, na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce, “Malam, Kauru ba ta biya ba.” A zama na biyu, wakilin Kauru bai ko taɓa shayinsa ba, na Kaura kuwa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata.