Wai in karya ƙwayar manya in ba 'yar shekara 2

Ranar Talata bayan isha'i jikin autata ya ɗau zafi rau, ga ɗan tari, ta ƙi cin komai, ko kokon da take kuka a kansa kullum ta kawar da kai. Wanda ke zaune a Aboabo ya san abin da ke fara zuwa zuciyar uwa a irin wannan lokaci, don sauron da kwatocinmu ke haifarwa ya ishi Kumasi gaba ɗaya har a yi wa Tamale guzuri. Na goya ta na nufi wani shagon magani, niyyata a tsaga mata yatsa a gwada, in san inda na dosa.

Wani saurayi ne a bayan kanta, idonsa a kan waya, ana buga ƙwallo. Na yi sallama, ya amsa da hanci. Na ce, “Ƙanena, yarinya ce da zazzaɓi, ina so a yi mata gwajin maleriya.” Ko ɗago kai bai yi ba, ya miƙa hannu baya ya zaro kwali ya dangwarar a gabana. “Maleriya ce, Hajiya. Lokacinta ne.” Na ce ai ba ka ko kalle ta ba. Ya ce shi ba ya buƙatar kallo, daga yadda na shigo ya gane. Tubarkalla! Ashe muna da waliyyi a unguwa ba mu sani ba, mai gano cuta daga takun uwar mara lafiya.

Na juya kwalin, na ga an rubuta 80/480. Na ce, “Wannan ai na manya ne.” Sai a nan ya ɗago, ya yi min kallon sama da ƙasa. “Na yara ya ƙare. Ki karya biyu ki ba ta rabi safe da yamma.” Na tambaye shi ko ya san nauyinta. Ya yi wata 'yar dariya, ya waiga wajen abokinsa da ke zaune a benci, ya ce, “Hajiya, ke likita ce? In kin fi mu sani me ya kawo ki? Akwai mutane a bayanki.” Babu kowa a bayana sai 'yar da na goya.

To bari in yi masa lissafin a nan, tunda a can ƙwallo ta hana shi saurare. Maganin nan haɗin atimita da lumefantirin ne, kuma ƙaramar ƙwayarsa 20/120 ce, wato miligram 20 na atimita da 120 na lumefantirin. Da nauyin jiki ake auna shi. Yaron da ya kai kilo 5 amma bai kai 15 ba, ƙwaya 1 yake sha a kowane karo. Daga kilo 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya 2. Daga 25 zuwa ƙasa da 35, ƙwaya 3. Daga 35 zuwa sama, ƙwaya 4, kuma huɗun nan ne aka dunƙule a babbar ƙwaya guda ta 80/480. 'Yata kilo 12 ce, yana rubuce a katin awonta. Rabonta ƙaramar ƙwaya 1. Rabin babbar da ya ce in ba ta daidai yake da ƙanana 2, wato ninkin abin da ya kamata, har sau shida a kwana uku. Ko da ma an dace da lissafin, wa ya ce ƙwaya tana karyewa daidai a hannun uwa cikin duhun dumso, in an ɗauke wutar lantarki?

Shekarun da ake rubutawa a bayan kwali kuwa kintace ne, na ranar da babu sikeli. 'Yan shekara 4 guda biyu, ɗaya siriri mai kilo 13, ɗaya ɓulɓul mai kilo 17, ba magani ɗaya za su sha ba, na farko ƙwaya 1, na biyu 2. Ragewar ma ba sauƙi ba ce: ka ba ƙaton yaro maganin jinjiri, zazzaɓi ya lafa, ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba, bayan mako biyu ko uku ta dawo, sai a ce magani jabu ne ko an yi wa yaro baki. Sannan akwai abin da ban taɓa jin wani mai shago ya faɗa wa kowa ba: karo na biyu bayan awa 8 da na farko ake shansa, sauran kwana biyun safe da dare, kuma a haɗa da nono, madara ko abinci mai maiƙo, don lumefantirin ba ya shiga jiki sosai in ciki babu mai.

Na ajiye masa kwalinsa na fita. Na ba ta farasitamol na yara, na kwana ina shafa mata ruwa, gari na wayewa muka tafi asibiti. Nas ta ɗora ta a sikeli, ta tsaga yatsa, ta ɗiga jini a ɗan farin faranti, ta ƙara ruwan gwaji, muka jira kamar minti 15. Layi ɗaya ne ya fito, a wajen C, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki. Wajen T fari fat. Babu maleriya. Aka ɗaga rigarta aka ƙirga numfashi, 46 a minti ɗaya, alhali ga yaro mai shekara 1 zuwa 5, da ya kai 40 an shiga saurin numfashi. Likita ta sa abin sauraro a ƙirjinta ta ce nimoniya ce, ta rubuta amoksilin.

Da na bi umarnin waliyyinmu, da na kwana uku ina ɗura mata maganin cutar da ba ta da ita, ninki biyu, huhu kuwa yana ta cika. Wannan shi ne dalilin gwajin. Zafin jiki ba shi da tambari a goshi: taifot, ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, ciwon fitsari, nimoniya, dukansu da zazzaɓi suke sallama, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya cikinsu. Gwajin ma yana da iyakarsa, don wanda ya gama shan magani kwanan nan layin T na iya ci gaba da fito masa har wasu makonni, a nan sai a duba jini a madubin asibiti. Yaron da ke jijjiga kuwa, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, wannan ya wuce shago da ƙwaya, asibiti za a ruga da shi ko tsakar dare ne.

Amma in na tsaya a kan yaron shago na yi wa manyansa sassauci. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, Gana ma ta ɗauka, an buga fastoci an liƙa a bangon asibitoci. A zango fa? Wa ke zagayawa ya ga ko shagon da ke sayar da maganin maleriya yana da abin gwaji, ko sikeli ko da na masu sayar da masara ne? Wa ya tambayi wanda ke tsaye a bayan kanta ko an taɓa koya masa wani abu, ko kuwa ɗan yayan mai shago ne da ya rasa aikin yi? Mun sabunta katin inshora, mu je asibiti mu wuni a layi, a ƙarshe a miƙo mana takarda a ce mu saya a waje. Waje ɗin kuma shi ne wannan shagon.

Mu ma muna da namu. Ciwon kai, maleriya. Gajiyar kasuwar Kejetia, maleriya. A sha kwana ɗaya da rabi, jiki ya yi sauƙi, a ɓoye ragowar a cikin langa don yaro na gaba. Haka aka yi ta wasa da kulorokwin har ƙwayar cutar ta daina jin sa, Gana ta sauya magani a 2004, yanzu kuma mun ɗauko wanda ya gaje shi muna karyawa da haƙori. Masu neman ƙuri'a dai sun san hanyar Aboabo sarai, duk shekara huɗu sai sun zo da buhun shinkafa da suga a watan azumi, su tsallake kwatar da ta toshe, su wuce ta gaban shagon nan, su ce mu yi musu addu'a.