Cinikin miliyan 6, ribar dubu 700: a zana mana inda sauran suka shiga

Jama'a ni fa na gaji da jin "wane ya yi cinikin miliyan kaza a Mile 12" kamar duka kuɗin aljihunsa suka shiga. Duk mai kawo kaya Legas daga Arewa, musamman in akwai kuɗin wani a hannunsa, ina ganin ya kamata ya koyi zanen nan da Excel ke kira Waterfall. Kamar matakalar bene yake: sanda ta farko doguwa ce daga ƙasa, ita ce ciniki, sai kowane kashe kuɗi ya fara daga inda na bayansa ya tsaya ya gangaro, har a dire kan riba.

Bari mu ɗauki misali, lambobin na misali ne kada wani ya zo min da farashin yau. Ka saro albasa buhu 100 a Aliero, kowane buhu 42,000, wato 4,200,000. Huɗu sun ruɓe a hanya, ka sayar da 96 a kan 62,500, ciniki ya tashi 6,000,000 cif. Matakin farko kuɗin sari, ya sauko da kai zuwa 1,800,000. Kuɗin mota 700,000, saura 1,100,000. 'Yan lodi da masu saukewa da na kan hanya 180,000, saura 920,000. La'adar dillali 100,000, sannan kuɗin kasuwa da abinci da wurin kwana 120,000. Abin da ya rage 700,000, bai ma kai kashi 12 cikin 100 na cinikin ba.

To me zanen ya ƙara, tunda lissafin ana iya yinsa a bayan kwali? Tsawon matakan ne malam. A takarda 4,200,000 da 180,000 layi ɗaɗɗaya ne kowanne, amma a zane sandar sari ta cinye kashi 70 na tsayin gaba ɗaya, ta 'yan lodi kuwa sai ka matso da waya kusa da ido. Kuma mu da 'yan lodin muke tada jijiyar wuya wallahi, ana ta cacar baki kan dubu biyar, alhali da ka samu ragin 2,000 kacal a kowane buhu wurin sari, 200,000 ke nan, ya fi duk abin da lodi da saukewa da hanya suka ci. Kuɗin mota ma tsayinsu ɗaya da ribar taka, ma'ana in aka ƙara kashi 10 a kuɗin mota, kashi 10 na ribarka ya tafi.

Yinsa ba wuya, daga Excel 2016 zuwa sama akwai shi, Google Sheets ma yana da shi. Sunaye a gefe guda, kuɗi a ɗaya gefen, duk abin da ya fita ka sa masa alamar ragi kamar -700000, sai ka shiga Insert ka zaɓi Waterfall. Inda ake yawan faɗuwa shi ne sandar ƙarshe. Excel bai san riba ce ba, ɗauka yake wasu kuɗi ne suka sake shigowa, sai ya ɗora 700,000 a kan 700,000 ka ga kanta ya kai 1,400,000. Alamar ita ce za ka ganta a rataye ba ta taɓa ƙasa ba. Ka danna ta ita kaɗai, ka yi right-click ka zaɓi Set as total, sai ta zauna. In kuma ka ga wani mataki ya hau sama maimakon ya sauko, alamar ragi ka manta.

Sai buhu huɗun da suka ruɓe. Wasu suna yi musu matakinsu daban su cire 168,000, kuma wannan cirewa biyu ce, don ka riga ka biya kuɗinsu a cikin 4,200,000, ba su kuma shiga ciniki ba. In lallai kana so a ga asarar a zane, to ka raba sarin gida biyu, 4,032,000 na wanda aka sayar da 168,000 na ruɓaɓɓe, riba tana nan 700,000.

Abin da zanen ba ya nunawa shi ne bashi. In a cikin miliyan shidan nan akwai 900,000 a hannun kwastomomin Agege da Idi-Araba da suka ce sai sati mai zuwa, zane zai nuna maka riba kyakkyawa alhali kuɗin da ke hannunka 5,100,000 ne, ka kashe 5,300,000, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Shi ya sa in zan tura wa mai jari, guda biyu nake yi, ɗaya ya fara da ciniki, ɗaya da abin da aka karɓa a hannu.