Kwalbatin "shekara 25" da ruwa ya haye

"An ce lissafin ruwan shekara 25 aka yi wa kwalbatin nan, ya ruwa ya haye shi a shekara ta uku?"

Ai 25 ɗin nan ba alƙawari ba ne fa, ana nufin duk damina akwai yiwuwar kashi 4 cikin 100 a samu ruwa mai ƙarfin haka ko fiye, ko da an samu bara.

Sannan duba rahoton injiniya, wane fili ya ɗauka yana zubo ruwa? A ce hekta 20, ruwan sama milimita 90 a awa, rabinsa ke gangarowa, C = 0.5 kenan, da Q = CIA/360, inda Q ke nufin yawan ruwan da ke isa kwalbatin, I ƙarfin ruwan sama, A kuma girman filin, za a samu kubik mita 2.5 a daƙiƙa. To in aka cike filin da gidaje da siminti C ya koma 0.8, Q ya zama 4, kwalbatin kuma bai ƙara faɗi ba, shi ya sa nake nacewa a rubuta wannan zaton ƙarara.