Kafin Asibiti ya Sayi Yankin 5G, ya Tambayi Inda Bayanansa Suke Bi

Ranar hawan Sallah a Katsina ko Daura, sabis yakan cushe saboda kowa na tura hoto da bidiyo ta eriya ɗaya. Idan a lokacin motar asibiti na aika bugun zuciyar majinyaci ga likita, saƙonta ma sai ya shiga layi. Maganin da 5G ya zo da shi shi ne a yanka netwok ɗaya gida-gida, kowane yanki da ƙa'idarsa.

Kowane yanki yana da lambar shaida, S-NSSAI. A cikinta akwai SST mai nuna nau'in aiki: 1 na bayanai masu yawa ne kamar bidiyo, 2 na saƙon da ba ya jure jinkiri, 3 na ɗimbin ƙananan na'urori masu aiko ɗan saƙo jefi-jefi. Idan na'ura ta kunna, cibiyar netwok takan duba rajistar layinta ta ga yankunan da aka yarje mata, kuma na'urar ba ta riƙe fiye da 8 a lokaci guda. Asibiti zai iya ɗora na'urorin sa ido kan majinyata a yanki na 2, hotunan awo a na 1. A injin casar shinkafa kuwa, na'urorin auna zafi da danshi su zauna a na 3, umarnin tsayar da inji a na 2.

Tsarin yana da kyau ƙwarai, amma ina ganin kada wani shugaban asibiti ya sa hannu kafin ya ji amsar abu biyu. Na farko, yankawa na buƙatar cibiyar 5G mai cin gashin kanta, wato SA. Kamfanoni da yawa sun fara ne da NSA, eriyar 5G a kan cibiyar 4G, don haka alamar 5G a fuskar waya ba hujja ba ce.

Na biyun ya fi damuna. Duk bayanai sai sun ratsa ta wata mashiga mai suna UPF. Haske cikin wayar faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Idan mashigar tana Legas, fiye da kilomita 1,000 daga Katsina ta hanyar mota, zuwa da dawowa kaɗai sun haura milisakan 10. Hoton awo ba zai damu ba, amma injin da ake son ya tsaya nan take zai makara. Dole a girke UPF a harabar masana'antar ko cikin gari.

Kuma yankawa ba ta ƙara wa eriya ƙarfi, rabo kawai take yi. Idan ba a keɓe wa yankin asibiti kasonsa a eriyar da kan faibar ba, lambar banza ce. Gane hakan ba wuya: a auna jinkiri da asuba, a sake aunawa ranar hawa. Idan ya tashi tare da cunkoso, ba a keɓe komai ba, kuma wannan awon ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya tare da tarar saɓa shi.