Wai "dama biyu" ba ta faɗuwa, in ji wa?

Tun jiya raina yake a ɓace da yaron nan mai sayar da hasashen wasa. Kun dai ga tikitin da ya yaɗa: wasa goma, duk 1X, irin zaɓin da ake kira dama biyu, yana rantsuwa wai wannan kuɗi ne a aljihu. Ɗan yayata ya zuba kuɗin da aka ba shi na gyaran keke-napep, wasa na bakwai ya yanke. Yanzu mai hasashen yana cewa rashin sa'a ne. Ƙarya yake yi, lissafi ne ya yi aikinsa.

Kamfanin caca ba ya kyauta. Farashin 1X, wato mai gida ya ci ko a yi canjaras, daga farashin sakamakon wasan aka ciro shi, haka ma X2, wato canjaras ko baƙo ya ci, da 12, wato ɗaya daga cikinsu ya ci babu canjaras. A ce mai gida yana 2.00, canjaras 3.40, baƙo 3.80. Ninka 2.00 da 3.40, ka samu 6.8. Haɗa su, ka samu 5.4. Raba 6.8 da 5.4, ga 1.26 nan. Shi ne 1X ɗinka. In ba ka yarda ba, raba naira 1,000 da kanka: 630 a kan mai gida, 370 a kan canjaras. Duk wanda ya zo, kusan 1,260 za ka karɓa. In kuwa kamfani ya rubuta maka 1.22, to ya ƙara yankar naira 40 a kan abin da kai ma za ka iya haɗawa da hannunka.

Za a ce mini ai ya fi shiga sau da yawa. To, sai me? Farashin nan uku, in ka mayar da su kaso, 50 ne da 29.4 da 26.3. Jimilla 105.7, alhali wasa ɗari bisa ɗari ne. Wannan rarar ita ce ribar kamfani, kuma tana nan daram a cikin 1X. In ka cire ta, damar 1X ɗin kusan uku cikin huɗu ce. Buga sau huɗu da dubu-dubu: ka ci uku, ribar 780, ka faɗi ɗaya, asarar 1,000. Kana ta murnar cin da kake yi, aljihu yana yoyo. Ka jera irinsa goma a tikiti ɗaya, kuɗinka zai ninka sau 10 in ya shiga, amma damar shigarsa kusan ɗaya ce cikin 18. Wannan shi ake sayar wa yara da sunan tabbas!

Sai GG, wato kowane ɓangare ya zura ƙwallo, da kishiyarsa NG. Nan ma na ji shi yana cewa tunda babbar ƙungiya ce ke wasa, GG dole ne. Wa ya gaya masa? GG babu ruwansa da wanda ya ci. Brazil ta sha 7-1 a hannun Jamus a 2014, amma ƙwallon da Oscar ya jefa a minti na 90 ya sa GG ya shiga. Da an tashi 7-0, da ya faɗi. Shi ya sa ba a ciro farashinsa daga farashin sakamakon wasa, wato 1X2, kai tsaye kamar na dama biyu, daga ƙiyasin ƙwallayen kowane ɓangare yake fitowa. Idan mai gida yana 1.20, tambayar GG ta koma guda: shin raunanar ƙungiyar za ta iya jefa ko ɗaya? Saboda haka farashin GG yakan hau a irin wannan wasa. Shi ma kuma da ribarsa a ciki: ka ga GG 1.85, NG 1.85, alhali da babu yanka 2.00 ne kowanne.

Kuma duk a minti 90 da ƙarin alƙalin wasa ake yanke hukunci. Wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta 2014 ɗin nan, Jamus ta ɗauki kofi da ƙwallon Götze a minti na 113, amma wanda ya zaɓi 12 ya faɗi, don a minti 90 babu ci.

Masu cewa caca ai haramun ce, me ya kai ni bayaninta, na sani, kuma ina tare da ku. Amma Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, wayar da ke hannun yaro kuwa babu wanda ya rufe ta. Wa'azi ya ji, lissafin ne bai taɓa ji ba, kuma wallahi tausayinsa nake ji.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne gidan kallon unguwarmu. Da can in aka ci ƙwallo, rabin ɗaki ihu, rabi tagumi. Ranar Asabar na ga wani sanye da rigar Arsenal yana tsalle don an zura wa Arsenal, saboda GG ya saka. Na tashi na fita tun kafin a tafi hutun rabin lokaci.