Yadda Yallabai Ya Kusa Aurar Da Ni A Doha

Wani kamfanin gine-gine a Doha ne ya buɗe gurbin akanta, na tura CV, suka ce in kawo wasiƙar shaida daga wanda na taɓa yi wa aiki, cikin kwana goma. Mutum ɗaya ne ya faɗo mini a rai: tsohon shugabanmu na sashen kuɗi, wanda rabona da gaishe shi tun sallar layya ta shekaru biyu da suka wuce.

Kunya ta hana ni faɗa wa mutum da buƙata kai tsaye. Sai na buɗe WhatsApp na fara: "Ranka ya daɗe, ya iyali, ya Hajiya, ya ciwon gwiwa, ya gona?" Layi goma sha biyu duk gaisuwa. Can ƙasa na maƙala: "Dama akwai inda nake nema ne a Doha, sun ce sai wani babba ya ba da shaida a kaina a rubuce."

Bayan kwana uku ya turo hoton takarda da rubutun hannu. Yaro ne mai ladabi, ba ya wasa da salla, ba ya shaye-shaye, kuma zai iya riƙe iyali. Ƙarshenta addu'a ce, Allah ya ba da zuri'a ɗayyiba. Sai ga saƙon murya ya biyo baya: "Ɗana, Balarabiya ce? Ka dai tambayi sadakinsu tukuna."

Laifina ne. Ban ambaci aiki ko sau ɗaya ba.

Na hadiye kunya na sake rubutu, wannan karon kamar mai cika takardar biyan kuɗi. Na faɗi sunan gurbin da ranar rufewa. Na ce da Turanci za a rubuta, a kan takarda mai tambarin kamfani, da sa hannu da lambar waya. Na tuna masa muƙamina, watan da na fara da wanda na bari, da ayyukan da na riƙe: daidaita littafin kuɗi da bayanan banki duk ƙarshen wata, albashin ma'aikata da harajinsu, harajin VAT tun yana kashi 5 cikin 100 har ya koma 7.5 a 2020, da shirya wa masu binciken kuɗi takardu. Na haɗa da CV da sanarwar aikin. Masu ɗaukar aiki a waje ba ladabi suke nema a wasiƙa ba, so suke su ga me ka riƙe, tsawon wane lokaci, kuma wa za su kira ya tabbatar.

Wasiƙa ta biyu ta zo tsaf, sai dai abu biyu. Ya rubuta na fara aiki a 2019, CV ɗina kuma 2018 ya ce. Na kira shi, ya ce, "Shekarar farko ai bautar ƙasa kake yi, alawus muke ba ka." Gaskiyarsa. Saɓanin shekara irin wannan shi ne abu na farko da masu tantancewa ke kamawa, don haka ni na gyara CV, na raba shekarar bautar ƙasa daban.

Na biyun shi ne labarin Naira 900. Ashe bai manta ba. Wani ƙarshen wata lissafi ya ƙi daidaita da Naira 900, muka kai ƙarfe tara na dare a ofis, janareta na shan mai. Shi ya koya mini cewa idan bambancin ya rabu da tara ba saura, a fara zargin an juya lambobi biyu. Muka duba, ashe 54,300 aka shigar 53,400. A wasiƙar ya rubuta cewa ni mutum ne da ba ya tafiya gida sai ya gano kuskure, komai ƙanƙantarsa. Bai rubuta wanda ya shigar da lambar ba. Ni ma ban tuna masa ba.

Na ce shi ke nan, sai kamfanin Doha suka ce za su tura masa tambayoyi ta imel na ofis, ba sa karɓar Gmail. Yallabai kuwa ya yi ritaya wata huɗu da suka wuce, imel ɗin an rufe. Takarda mai tambarin ma a durowar gida ya tsinto ta. Dole na koma tsohon ofis, na yi zaman benci yini guda, har sashen ma'aikata suka ba ni takardar tabbatar da shekarun aiki, suka yarda a tuntuɓe su ta imel ɗinsu. Tasa kuma ya sake buga ta a farar takarda, da bayanin cewa shi tsohon shugabana ne mai ritaya. Saura kwana ɗaya na tura.

Har yanzu ina jiran amsa daga Doha. Amma jiya Hajiyar Yallabai ta kira ni, ta ce kada in kuskura in haɗa lefe ban nemi shawararta ba, don ta san inda ake samun atamfa da sauƙi a Kantin Kwari.