"Bai ɗauka ba, sake ɗora yatsa"

Jama'a, ina so mu yi maganar masu rajistar layi na ƙarƙashin lema, irin waɗanda ke cika bakin tasha a Gusau da ranar kasuwa a Talata Mafara. Ba duka ne macuta ba, da yawansu abinci suke nema. Amma akwai wata dabara da ya kamata kowa ya sani.

Tun daga Disambar 2020 da hukumar sadarwa ta NCC ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ba a buɗe sabon layi sai da lambar nan mai alƙaluma 11 da hoton fuska ko zanen yatsa. Lambar kaɗai ba ta cika isar ɓarawo ba, sai ya samu jikinka. To a nan wasan yake.

A ce dattijo ya zo daga ƙauye sayen layi ɗaya. Yaro ya karɓi takardar NIN ɗinsa, ya ɗauke shi hoto, ya ɗan danna waya sai ya ce, "Baba, sabis ne ba kyau, bai ɗauka ba, mu sake." Baba ya sake tsayawa. Alhali na farkon ya shiga. Na biyun wani layin daban ne aka yi wa rajista da sunan Baba, yana aljihun yaron, gobe ya sayar wa wanda ba ya so a san shi. Su wa ke biyan kuɗi mai tsoka don layin da ba sunansu a kai? A Zamfara ba sai na faɗa ba. Ranar da aka kira da layin ana cinikin kuɗin fansa, jami'an tsaro suka bibiyi lambar, sunan Baba da hotonsa ne za su fito. Kafin ya wanke kansa ya sha wuya, in ma yana da mai tsaya masa.

Ni a ganina, layi ɗaya ɗauka ɗaya. In an ce a sake, ka ce a nuna maka fuskar na'urar ka ga inda ta ce bai yi ba, ka kuma duba ko lambar layin da ke rubuce ita ce ta hannunka. In ya fara kame-kame, tashi ka tafi. Kada ka bari a ɗauki hoton takardar NIN ɗinka a wayar wani, kada ka bar kwafinta a shago, balle ka karanta wa wani lambar sirrin da aka turo maka ta saƙo.

Wanda ya taɓa tsayawa sau biyu a gaban irin wannan na'ura, ya daure ya je ofishin kamfanin layin da kansa, ya ce a duba masa layuka nawa ke kan NIN ɗinsa. Layin da bai sani ba, ya sa a cire shi nan take. In sun yi masa jan ƙafa, ya kira 622, layin kai ƙorafi na NCC.